Yayan Matata Yana So In Tsaya Masa a Banki

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Kano, albashina naira 185,000 a wata. Yayan matata yana so ya karɓi rancen naira miliyan 3 a wani ƙaramin banki don ya sayi masara a Dawanau ya ajiye sai ta yi tsada. Za a biya cikin wata 12, ruwa kashi 4 cikin ɗari duk wata. Bankin ya ce sai ya kawo ma'aikata biyu su tsaya masa. Ya samu ɗaya, ni ne na biyun. Sun ce in kawo hoto, lambar BVN, takardar albashi, da cek guda biyu da na sa wa hannu ban rubuta kwanan wata ba. Ma'aikacin bankin ya ce min ƙa'ida ce kawai, ba abin da zai taɓa ni. Yayan matar tawa mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan aurenmu, kuma matata ta sa ido ta ga abin da zan yi. Idan abu ya ɓaci, me doka za ta ɗora min? Rabi ne tunda mu biyu ne? Kuma idan zan ƙi, ta yaya?

Malamin makaranta, Kano

Wa alaikumus salam, Malam.

Kada ka sa hannu a wannan takarda yadda take, kuma kada cek ɗinka ya bar aljihunka. Na fara da hukuncin ne don kada ya ɓace maka a cikin bayani. Yanzu bari in kawo maka dalilai, domin kai ma za ka buƙace su idan ka zauna da mai ɗakinka.

Maganar cewa ƙa'ida ce kawai, na ji ta sau ba adadi, kuma ba gaskiya ba ce. Banki ba ya neman ma'aikacin gwamnati don ya ƙawata fayil. Sun duba surukinka sun ga ɗan kasuwa ne, kuɗinsa yau akwai gobe babu, ba su da inda za su kama. Sun duba ka sun ga mutumin da ake zuba wa kuɗi a asusu duk ƙarshen wata, yana da makarantar da za a same shi da ƙarfe takwas na safe, yana kuma tsoron abin kunya. Albashinka shi ne jinginar. Sa hannunka alkawari ne a gaban doka cewa idan wanda ya ci bashin ya kasa, kai za ka biya. Ba a ce za ka taimaka a nemo shi ba, ba a ce za ka yi masa faɗa ba. Biya za ka yi.

Mutane da yawa suna zaton akwai layi: sai banki ya fara kai mai bashi kotu, ya sayar da kayansa, ya ƙure shi, sannan in akwai saura a waiwayo mai tsayawa. Wannan zato yana da tushe, domin haka muka karanta a zaure. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya ce mai lamuni mai biya ne, amma ba a cin tararsa sai idan mai bashin ba shi da abin biya ko kuma ba ya nan. Wannan shi ne abin da aka sani a mazhabar Malikiyya. Sai dai takardar da ke gabanka ba da Risala za a yi mata hukunci ba. Dokar kwangila da kotunan Najeriya suke bi ta ɗauki lamuni a matsayin yarjejeniya mai zaman kanta tsakaninka da banki. Da zarar surukinka ya saɓa biya, bankin yana da damar ya tsallake shi ya nufo ka kai tsaye, ya kai ka ƙara kai kaɗai ba tare da ko sunansa a takardar sammaci ba. Kotun Ƙoli ta nanata wannan a 2010 a shari'ar Chami da bankin UBA, kuma ba a nan ta fara faɗa ba. To ka tambayi kanka: tsakanin ɗan kasuwar da ya kashe waya da malamin da ake iya samu a aji, wa ya fi sauƙin kamawa?

Batun rabi kuwa, babu shi. Kusan duk takardun lamunin banki suna ɗauke da jimlar da ke cewa masu tsayawa suna da alhaki a tare, kuma kowannensu yana da alhaki shi kaɗai. Ma'anarta, banki zai iya zaɓar ɗayanku ya karɓi kuɗin gaba ɗaya daga hannunsa. Idan ɗayan ya yi ritaya, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko asusunsa ya zama wayam, kai za a tasa a gaba da dukkan bashin. Gaskiya ne bayan ka biya doka ta ba ka damar ka bi ɗan'uwan tsayuwarka ya ba ka kasonsa, amma wannan rigimarku ce ku biyu, banki ya riga ya karɓi nasa ya rufe fayil. Ka ma san mutumin? Na lura ba ka faɗi ko kun taɓa haɗuwa ba.

Yanzu mu zauna mu yi lissafi, domin a nan ne abin yake fitowa fili. Ƙananan bankuna galibi suna lissafa ruwansu a kan uwar kuɗin da aka karɓa tun farko, ba a kan abin da ya rage ba. Idan haka wannan yake, kashi 4 cikin ɗari na miliyan 3 shi ne naira 120,000 duk wata. A wata 12 ruwa ya zama 1,440,000. Jimillar abin da za a mayar 4,440,000, wato naira 370,000 kowane wata. Dubi wannan adadi da kyau, Malam. Albashinka ne na wata biyu cif. Ana so ka yi alkawarin cewa idan ya kasa, za ka riƙa fitar da ninkin abin da kake samu.

A ce ya yi ƙoƙari ya biya wata huɗu, naira 1,480,000, sannan abubuwa suka tsaya. Saura wata takwas, 2,960,000. Ruwa kuma ba ya tsayawa don wa'adi ya cika. Uwar kuɗin da ta rage miliyan 2 ce, idan aka ci gaba da ɗora mata kashi 4, naira 80,000 ke nan duk wata. A ce an yi wata shida bayan cikar wa'adi ana je-ka-ka-dawo, ana ba da haƙuri, ana cewa jibi za a kawo: an ƙara 480,000, bashi ya kai 3,440,000. Takardar kuma yawanci tana cewa kuɗin lauya da duk abin da aka kashe wajen karɓo bashin yana wuyan wanda ake bi. In mun ƙaddara shi a kashi 10 cikin ɗari, an ƙara 344,000. Wasiƙar da za ta iso ka za ta ɗauki kimanin naira 3,784,000, ban ma sa tarar jinkiri ba. An biya kusan miliyan ɗaya da rabi, amma abin da ake nema a wurinka ya fi abin da aka karɓa tun farko. Albashinka ne na wata ashirin da 'yan kwanaki, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka biya kuɗin makarantar yara ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a lissafin shi ne wannan. A ce bankin ya yi maka sassauci ya yarda a riƙa cire kashi ɗaya cikin uku na albashinka, wajen naira 61,000. Ruwan da ke hawa duk wata 80,000 ne. Kana biya, bashin yana ƙaruwa. Na taɓa zama da wani bawan Allah, ma'aikaci mai 'ya'ya bakwai, da ya zo da wasiƙar banki a ninke cikin aljihun gaban rigarsa, har ta yi laushi don yawan buɗewa da rufewa. Ya shimfiɗa ta a kan tebur yana goge ta da tafin hannu, ya ce min shekara ɗaya da rabi ana yankar albashinsa, ya je ya tambayi saura nawa, aka faɗa masa adadin da ya fi na ranar da aka fara. Wanda ya tsaya wa ɗin abokinsa ne tun firamare. Bai zage shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne ko sisi bai gani ba a cikin kuɗin nan. Har yau idan na tuna yadda hannunsa yake rawa a kan takardar, sai zuciyata ta yi nauyi.

Ka ce surukinka mutumin kirki ne, kuma na yarda. Yawancin waɗanda suke jefa masu tsaya musu cikin wahala ba macuta ba ne, lissafi ne yake ƙwace musu. Kuma a wannan rancen akwai ɓaraka tun daga tushe, wadda ba ta da alaƙa da halinsa. Ajiyar hatsi sana'a ce ta jira. Ana saye da kaka, a zuba a sito, a sa magani, a rufe, sai bazara ko farkon damina a buɗe. Wata biyar ko shida babu kobo da ke shigowa. Bankin kuwa zai fara neman 370,000 tun ƙarshen watan farko. Daga ina za ta fito? Hanya biyu ce: ko ya riƙa cirowa daga cikin rancen yana mayar musu, wanda ke nufin ba masarar miliyan 3 zai saya ba alhali ruwan miliyan 3 yake biya, ko kuma ya fara sayar da buhunan tun ba su yi daraja ba. Kafin ya fita ba riba ba asara, sai masarar ta tashi da kusan rabin kuɗinta, bayan kuɗin sito da dako da magani. Kasuwa kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. A 2025 farashin masara ya faɗo, mutane da yawa da suka yi ajiya sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Ka yi masa wannan tambaya guda ɗaya cikin ladabi: Yaya, kuɗin wata na farko da na biyu da na uku daga ina za su fito? Idan yana da wata sana'ar da ke kawo wannan kuɗi duk wata, zai faɗa nan take. Idan ya ce Allah zai kawo, to Allah shi ne mai kawowa, amma a takarda sunanka aka rubuta.

Sai batun cek, wanda shi ne ya fi komai haɗari a cikin abin da aka nema. Bashi a kan kansa ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa kwangila kawai, sun kuma hana a kama wani a madadin wani. Amma akwai dokar 1977 a kan cek ɗin da ya dawo babu kuɗi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda ya samo bashi don kansa ko don wani mutum da irin wannan cek. Idan ka ba su cek da hannunka a kai babu kwanan wata, ranar da suka ga dama za su rubuta kwanan, su kai banki, ya dawo, su ɗauki takardar dawowar su wuce ofishin 'yan sanda. Ko lauya zai iya kare ka daga baya, wannan magana ce ta gaba. Kafin nan an riga an zo makarantarku an kira ka daga aji a gaban ɗalibai. Wannan tsoron suke saye da cek ɗin. Idan kuma ko adadin kuɗin ba a rubuta ba, ka miƙa musu wuƙa da nama.

Ko ba cek, suna da hanyoyi. A cikin takardun za ka iya tarar da izinin cire kuɗi kai tsaye daga asusun albashinka, ko sharaɗin cewa duk kuɗin da kake da shi a wurinsu za su iya riƙewa su ci bashinsu. Idan suka samu hukuncin kotu, za su iya neman umarnin da za a aika wa bankunan da kake ajiya a riƙe abin da ke ciki, ko ma'aikatan kotu su zo su ɗauki kaya a yi gwanjo. Sunanka kuma zai iya shiga rajistar kamfanonin da ke tattara tarihin bashin mutane, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu, ta yadda ranar da kai kanka za ka nemi rancen gyaran gida ko na abin hawa sai a ce akwai tabo a sunanka. Kada kuma ka ɗauka za a sanar da kai tun watan farko da ya saɓa. Sau da yawa mai tsayawa shi ne na ƙarshen ji, domin wanda ya ci bashin yana jin nauyin faɗa masa, bankin kuma ruwansa yana hawa.

Akwai jimloli biyu da nake so ka nema idan takardar ta zo hannunka, ko ka sa wanda ya san Turancin lauyoyi ya nemo maka. Ta farko ita ce wadda take cewa ka tsaya a kan duk kuɗin da ake bin sa yanzu ko za a bi shi nan gaba, kuma lamunin mai ci gaba ne. Da wannan jimla, idan ya gama biyan wannan ya koma ya karɓi wani, ko aka sabunta masa aka ƙara, kana nan a ɗaure ba ka sani ba. Ta biyu ita ce wadda take ba banki damar ya ƙara masa wa'adi, ya canza sharuɗɗa, ko ya saki wata jingina ba tare da ya tambaye ka ba. A asalin ƙa'ida, idan mai ba da bashi da mai karɓa suka sauya yarjejeniya sauyi mai muhimmanci a bayan idonka, ka kuɓuta. Wannan kariya ce babba da doka ta ba mai tsayawa, kuma bankuna sun san da ita, shi ya sa suke sa jimlar da za ka yafe ta da hannunka. Wasu takardun ma suna ƙara cewa a ɗauke ka tamkar kai ne ainihin wanda ya ci bashin, don ko yarjejeniyarsu da shi ta samu matsala a kotu, taka ta tsaya.

Mutuwa ma ba ta warware igiyar. Idan shi ya rasu kuma babu inshorar da ta rufe bashin, kai za a nema. Idan kai ka riga shi, abin da ya riga ya hau kanka bashi ne a dukiyarka, za a fitar kafin a raba wa marayunka. Addini ma bai ɗauki abin da wasa ba. Ka tuna gawar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ja da baya daga yi mata salla saboda bashi, sai Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyansa, sannan aka yi sallar. A ruwayar Jabir, Manzon Allah ya ci gaba da tambayarsa labarin dinare biyun nan har sai da ya biya. Kalma ɗaya ya furta, ta zama bashi. Ka lura da wannan bambanci: a dokar kwangila da muka gada daga dokar Ingila ta 1677, lamuni sai da rubutu da sa hannu ake iya tilasta shi, amma a shari'ar Musulunci furuci a gaban shaidu ya isa. Don haka ko a kasuwa, kada ka saba da cewa a ba shi, ina nan.

Ba zan wuce ba tare da na taɓo ruwan kansa ba, tunda kai Musulmi ne kuma malami. Hadisin Jabir da ke cikin Muslim ya haɗa mai cin riba da mai bayarwa da marubucinta da shaidunta biyu. Inda mai lamuni ya faɗa a nan, ka kai wa malamin da ka amince da shi, amma ina ganin ka riga ka san inda amsar ta dosa. Akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, waɗanda za su iya sayen kayan su sayar masa da riba sananniya. Wannan ya kawar da matsala ɗaya, amma su ma suna neman mai tsayawa, kuma sa hannu a wurinsu yana ɗaurewa kamar na ko'ina.

Idan bayan duk wannan ka ga lallai sai ka tsaya masa, to ga yadda mai hankali yake tsayawa. Ka karɓi kwafin takardar tayin rancen da ta lamunin ka tafi da su gida, kada ka sa hannu a kan kanta ana tsaye a kanka. Bankin da ya hana ka kwafi ya riga ya ba ka amsa. Ka nemi a rubuta iyaka da lambobi da kalmomi: alhakinka ba zai wuce naira kaza ba, har da ruwa da tara da kuɗin lauya. Wannan har da ɗin yana da muhimmanci, domin akwai takardun da ke sa iyaka a uwar kuɗi su bar ruwa a sake. Kazan nan kuma ya zama adadin da za ka iya fitarwa gidanka bai girgiza ba. A albashi irin naka ban ga ya wuce naira 300,000 ba, kuma ko shi sai an ji a jika. A rubuta cewa wannan rance kaɗai ka tsaya wa, da lambarsa da ranar ƙarewarsa, kuma dole a sanar da kai a rubuce cikin mako biyu idan ya saɓa biya ko sau ɗaya. Kada ka bar gurbi ko ɗaya babu rubutu. Takardar gida ko ta fili kuwa kada ta shiga maganar ko da wasa, domin ajiye ta a banki yana iya zama jingina, ko an ce maka adanawa kawai za a yi. Sannan tsakaninka da shi ku yi rubutu da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, cewa duk abin da ka biya a madadinsa bashi ne a kansa, kuma wasu buhuna sanannu a siton suna matsayin jinginarka.

Zan gaya maka gaskiya, da wuya ƙaramin banki ya karɓi waɗannan sharuɗɗa, domin takardarsu bugaggiya ce kuma ma'aikacin da ke gabanka ba shi da ikon canza ta. Amma ƙin nasu ma ya amfane ka: ya nuna maka cewa abin da suke so shi ne wuyanka gaba ɗaya. Haka kuma haƙƙin da doka ta ba ka na bin sa ya mayar maka da abin da ka biya haƙƙi ne na gaske, sai dai ka dubi yadda zai kasance a aikace. Mutumin da banki ya kasa samun kuɗi a hannunsa, kai za ka samu? Kuma za ka iya tsayawa a gaban alƙali da kawun 'ya'yanka, matarka tana zaune a bayan kotu? Zumuncin da kake tsoron ɓatawa da kalmar a'a, sa hannun ne ya fi yi masa barazana. Ɓacin ran ƙi yana wucewa a wata ɗaya ko biyu. Na bashi yakan kai ga a daina gaisawa a wurin jana'iza.

Yadda za ka ƙi kuwa, ka fara da gida. Ka zauna da mai ɗakinka bayan yara sun kwanta, da biro da takarda, ka rubuta 185,000 a gefe ɗaya, 370,000 a ɗaya gefen. Kada ka ce mata yayanta ba zai biya ba, domin za ta kare shi, kuma tana da gaskiya. Ka ce mata idan kasuwa ta juya masa baya, tukunyar gidan nan ce za ta sauka, ki duba ki gaya min ta ina za mu ɓullo. Mata sun fi mu sanin abin da ake kashewa a cefane, ita da kanta za ta ƙarasa lissafin.

Shi kuma ka je ka same shi har gida, kada ka aika saƙo, kada ka yi ta ɓuya kana cewa cek ɗinka ya ƙare. Ka tafi da abin da za ka iya, ko naira 150,000 ce ko 200,000, rance ba ruwa, ya mayar idan ya sayar. Ka ce masa: Yaya, abin da ka yi min ba zan manta ba, kuma ba amanarka nake shakka ba. Na duba takardar nan na ga idan aka samu akasi abin da za a nema a wurina ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, kuma ba na so in yi alkawarin da na san ba zan iya cikawa ba. Ga abin da nake da iko da shi. Sannan ka nuna masa lissafin watannin farko, ka ba shi shawarar ya rage buhunan zuwa abin da jarinsa zai ɗauka, ko ya nemi mai kuɗi su yi haɗin gwiwa a raba riba da asara. Mai yiwuwa fuskarsa ta canza a ranar. Ka yi haƙuri, ka gaishe shi kamar kullum, ranar Juma'a kuma ka kai yara gidansa.

Idan kuma ka riga ka ba su hoto da lambar BVN kafin ka rubuto min, ka rubuta wa bankin gajeriyar wasiƙa yau cewa ba ka amince ka zama mai lamunin kowa ba kuma ba ka sa hannu a komai ba, ka kai da kanka, a buga hatimin karɓa a kwafinka, ka adana shi tare da takardun aikinka.